Ƙwaron wakena ya ƙi bin littafi: haɗa jadawalin rayuwa da karanta layin tsira

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a nan Kaduna, furojet ɗina a kan ƙwaron wake ne. Na ware manya guda 100 da suka fito daga wake rana ɗaya, ina ƙirga masu rai duk bayan kwana biyu, na samu 100, 98, 95, 88, 70, 41, 15, 3, 0. Da na zana sai layin ya yi kama da nau'i na ɗaya, alhali a aji an ce mana ƙwari nau'i na uku ne. Kuskure na yi? Ko sai na sake aikin?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki zubar da aikinki, kuma don Allah kada ki taɓa ko lamba ɗaya wai don ta dace da abin da aka faɗa a aji. Lambobinki suna da kyau, irinsu ne nake tsammani ga wannan ƙwaro. Abin da ya faru shi ne daga tsakiyar rayuwarsa kika fara ƙirga, maganar aji kuwa daga ƙwai take farawa.

Daga ina kika fara ƙirga?

Ɗauki ƙwayar wake ɗaya daga kwalbar da kike kiwonsu ki kai ta bakin taga. Za ki ga wasu 'yan ɗigo manne a jikin ɓawon, ƙwan ke nan. Sabon ƙwai garai-garai yake kamar ɗigon ƙaro. Bayan kamar kwana biyar zuwa mako guda sai ki ga ya koma fari kamar alli, alamar tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ƙasa ta shige cikin waken, ta cika ɓawon ƙwan da garin da ta tono. A ciki za ta ci ta ƙoshi, ta wuce matakan girma huɗu, ta kwanta ta rikiɗa. Idan zafin ɗaki ya kai wajen digiri 30, cikin mako uku zuwa huɗu babban ƙwaro zai yanke 'yar zagayayyiyar ƙofa ya fito. Hujin nan ne masu awo a kasuwar Kawo suke dubawa su ce wake ya huje.

Babban ƙwaron wake, wato Callosobruchus maculatus, ba sai ya ci ba, ba sai ya sha ba. Da kitsen da ya tara yana tsutsa yake yawo, da shi yake barbara, da shi macen take yin ƙwai. Kamar aci-balbal ne da aka zuba wa mai sau ɗaya. To idan kika kunna guda ɗari lokaci ɗaya, kowace da mai kusan daidai da na 'yar'uwarta, ba gudan iska a ɗakin, me za ki gani? Za su yi ta ci tare, can kuma su soma mutuwa kusan tare. Layin da kika samu ke nan.

Ba ke kika fara ganin haka ba. Raymond Pearl da Sylvia Parker sun soma wallafa jadawalin rayuwar ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace a 1921, kuma da aka hana ƙudajen abinci sai suka riƙa mutuwa kusan a tare. Edward Deevey ne a 1947 ya yaɗa rabon nan na gida uku da ake koyarwa har yau. Ba cewa ya yi kowace halitta da nata nau'in manne a goshi ba. Siffa uku ya nuna na yadda mutuwa take rabuwa a tsawon rayuwa: ko ta taru a ƙarshe, ko ta bazu daidai wa daida, ko ta taru a farko, a jere su ne nau'i na ɗaya, na biyu da na uku. Ana jingina ƙwari da na uku ne domin yawancinsu ƙwai suke zubarwa da yawa a fili, mafi yawa kuma su halaka tun suna ƙwai ko ƙananan tsutsa. Ke kuwa waɗanda suka riga suka haye wannan siraɗi kika tara. Wanda ya fara ƙirga kajinsa bayan sun yi fiffike ba zai san abin da shirwa ta yi wa 'yan tsaki ba.

Ko a cikin ƙwarin ma akwai masu fita daga wannan ƙa'ida tun daga tushe. Ƙudan tsando, wanda cibiyar binciken cutar sammore da ke nan Kaduna ta daɗe tana nazari a kansa, ba ya zubar da ƙwai. Tsutsa ɗaya tal macen take reno a cikinta, ta haife ta bayan ta girma, duk bayan kamar kwana tara ko goma. Mai haihuwa irin wannan ba shi da 'ya'yan da zai yi asararsu da yawa.

Jadawalin, da lambobinki

Kowane layi na jadawalin zango ne na kwana biyu. Abin da kika ƙirga da idonki shi ne nx, yawan masu rai a farkon zango. Sauran duk daga shi ake fitar da su. Idan kika raba nx da ɗarin da kika fara da su kin sami lx, kason da ya rage. Bambancin ƙirgar yau da ta gaba shi ne dx, waɗanda suka mutu a zangon. Sai qx, wanda shi ne zuciyar aikin: dx a raba da masu rai a farkon wannan zangon, ba da ɗarin farko ba. Nan ɗalibai suka fi zamewa. Tsakanin rana ta 12 da ta 14 ƙwari 12 suka mutu. Idan kika raba da 100 za ki ce kashi 12 ne, abin ya lafa. Amma 15 ne kawai suka shiga zangon, wato huɗu cikin kowane biyar sun tafi.

```
x    nx   lx    dx   qx     Lx    Tx     ex
0    100  1.00   2   0.020  99.0  460.0  9.2
2     98  0.98   3   0.031  96.5  361.0  7.4
4     95  0.95   7   0.074  91.5  264.5  5.6
6     88  0.88  18   0.205  79.0  173.0  3.9
8     70  0.70  29   0.414  55.5   94.0  2.7
10    41  0.41  26   0.634  28.0   38.5  1.9
12    15  0.15  12   0.800   9.0   10.5  1.4
14     3  0.03   3   1.000   1.5    1.5  1.0
16     0  0.00
```

Ginshiƙai uku na ƙarshe suna amsa tambaya guda: wanda ya kai wannan rana, kwana nawa suka rage masa a matsakaici? Tunda ba ki san daidai lokacin da kowanne ya mutu a cikin zango ba, sai a ɗauka a tsakiyarsa ne, shi ya sa Lx yake matsakaicin ƙirga biyu masu bin juna, kamar 70 da 41 da suka ba da 55.5. Tx jimillar Lx ne daga wannan layin zuwa ƙasa, don haka daga ƙasa ake taro shi a hauro. Idan aka raba Tx da nx an sami ex. Ki lura da kyau a nan: 460 a raba da 100 ya ba da 4.6, amma zango 4.6 ne, ba kwana ba. Sai kin ninka da biyu kafin ki ce sabon ƙwaro yana da kwana 9.2 a gabansa. Na sha gyara wannan a rubutun ɗalibai, su rage wa ƙwaro rabin rayuwarsa ba su sani ba. Na riga na ninka a jadawalin da ke sama.

Idan da Excel kike aiki, ki sa ranaku a ginshiƙin A, ƙirga a B, daga layi na 2 zuwa na 10, sannan ki rubuta waɗannan a layi na 2, a jere daga ginshiƙin C zuwa H, ki ja su zuwa layi na 9:

```
lx  =B2/$B$2
dx  =B2-B3
qx  =D2/B2
Lx  =(B2+B3)/2
Tx  =SUM(F2:$F$9)
ex  =G2/B2*2
```

Tarkon da ke cikin zanen

Nau'o'in nan uku a kan ma'aunin log ake rabe su. Wato a layin tsaye na zanen, tazarar 100 zuwa 10 daidai take da ta 10 zuwa 1. Dalili kuwa, abin da muke nema shi ne kason da ke mutuwa, ba yawan gawa ba. Ga misali don ki gani da idonki. A ce wasu ƙwari ne da kashi 30 cikin ɗari na waɗanda suka rage suke mutuwa kowane zango, babu ruwan mutuwar da tsufa ko ƙuruciya. Ƙirgarsu za ta tafi 100, 70, 49, 34, 24, 17, 12, 8. Zana wannan a takardar zane ta yau da kullum, za ki ga layi ya gangaro da sauri sannan ya kwanta, sak abin da aka nuna miki a matsayin nau'i na uku. Alhali nau'i na biyu ne tsantsa, domin qx bai motsa daga 0.3 ba. Mayar da shi kan log, sai ya miƙe sambal, kowane zango yana sauka da 0.155. Da yawa daga cikin layukan "nau'i na uku" da nake gani a furojet wannan kuskuren ne ya haife su.

Naki idan aka ɗauki log na nx zai tafi 2.00, 1.99, 1.98, 1.94, 1.85, 1.61, 1.18, 0.48. A kwance yake har rana ta 6, ya soma duƙawa, daga rana ta 10 ya faɗa rami. A Excel ki zaɓi zanen Scatter, ki shiga Format Axis na layin tsaye ki danna Logarithmic scale. Ranar 16 ki bar ta a waje, sifili ba shi da log, idan kika gwada `=LOG10(0)` abin da za ki gani shi ne #NUM!.

Ni dai ba na yanke hukunci da siffar zane kaɗai, ginshiƙin qx nake karantawa. Idan yana hawa da tsufa, nau'i na ɗaya ne. Idan yana kai-komo a kusa da lamba ɗaya, na biyu ne. Idan ya fara da girma sannan ya sauka, na uku ne, kuma shi yana da wata shaida mai ban sha'awa: ex yakan ƙaru bayan zangon farko, domin wanda ya tsallake ƙuruciya ya fi sabon ƙwai tsammanin daɗewa. Naki qx ya tashi daga 0.02 ya haura 0.6 cikin kwana goma, bai ja da baya ko sau ɗaya ba, ex kuma sauka kawai yake yi. Ƙwari 55 cikin 100 tsakanin rana ta 8 da ta 12 suka mutu, rabin tsarar kuma ya ƙare wajen kwana 9.4. Wannan nau'i na ɗaya ne ba tantama, sai dai ba mai kaifin kusurwa irin na littafi ba, kuma ba a samun mai kaifin nan a halitta mai rai.

Abin da zan tambaye ki da ni ne mai duba aikin

Na farko, yaya kika tabbatar da mutuwa? Ƙwaron nan yana da dabarar yin mushen ƙarya. Kina girgiza mazubi sai ya naɗe ƙafafu ya kwanta rigingine kamar ƙwayar barkono. Mai gaggawa zai tsince shi ya jefar, ya rubuta ya mutu. Ni abin da nake yi, in ware wanda nake zargi a wani faranti, in shafi cikinsa da ɗan burushi mai laushi, in ba shi 'yan mintuna. Wanda bai motsa ba in bar shi a rufe har ƙirga ta gaba. Wannan ya fi muhimmanci da sanyin safiyar hunturu, lokacin da mai rai ma da ƙyar yake motsi.

Na biyu, ko akwai wanda ya ɓace? Wanda ya tashi ya gudu lokacin da kika buɗe murfi, ko kika murƙushe shi da hannunki, ba ya cikin dx. A wata shekara na bar farantai a kan tebur kwana biyu, na dawo na tarar kiyashi sun yi layi sun shige ta gefen murfi, sun kwashe gawarwakin har da raunana. Faranti mai goma ya koma shida, babu gawa ko ɗaya, ba ni da hanyar sanin wanda ya mutu da kansa da wanda aka ja da ransa. Dole na watsar da wannan zagaye. Tun daga ranar ƙafafun teburina a cikin gwangwanayen ruwa suke, bakin kowace kwalba kuma da ƙyallen tatar koko ɗaure da roba. Darasin lissafin shi ne ki riƙa ƙirga masu rai da matattu duka biyun, ki ga ko sun haɗu sun ba da ƙirgar da ta gabata. Idan wasu suka ɓace, a ce huɗu daga cikin 88 na rana ta 6, ana cire rabinsu daga waɗanda ake rabawa da su a wannan zangon, wato a raba dx da 86, sannan a cire su gaba ɗaya daga zango na gaba. Idan haka ta faru, lx ba ya fitowa daga raba nx da 100 kuma, sai dai ki ninka lx na baya da abin da ya rage idan an cire qx daga ɗaya.

Na uku, maza ne ko mata, kuma sun haɗu ko ba su haɗu ba? Macen ta fi girma da duhu, farantin da ke ƙarshen cikinta ya fi faɗi, da tabo baƙi a kowane gefe. Macen da aka barbara ta sami wake tana zuba ƙwai takan riga wadda aka hana mutuwa, domin daga kitse ɗaya ake biyan kuɗin ƙwai da na numfashi. Idan kika cakuɗa jinsi biyu masu tsawon rai daban, duƙawar layin takan yi laushi fiye da yadda take ga kowannensu shi kaɗai. In kina da ƙirgarsu a rarrabe, yi jadawali biyu. In babu, ki rubuta ƙarara cewa a haɗe suke.

Sai zafi. Wannan aikin da kika yi, da za ki maimaita shi a watan Disamba da kuma watan Afrilu a ɗaki ɗaya a Kaduna, ex zai bambanta, na sanyi ya fi tsawo, ko da siffar layin ba ta canja ba. Jadawalin da bai faɗi zafin ɗaki da watan da aka yi shi ba, ba wanda zai iya gwada shi da nasa. Haka in kin ba su ruwan sukari ko zuma, ki faɗa, don yana tsawaita ransu.

Idan kina son ganin rayuwar gaba ɗayanta

Wannan ba dole ba ne, amma in da sauran lokaci zai ɗaga darajar aikin ƙwarai. Ki sa wake a firiza na wasu kwanaki don kashe abin da ya zo da shi daga kasuwa, ki bar shi sanyin ya sake shi, ki sakar masa mata na awa 24 ki kwashe su. Ƙwan da aka zuba a wannan yinin su ne tsararki. Ki raba waken gida biyu. A gida ɗaya ki kankare ƙwai da tsinin allura ki bar ɗaya tal a kowace ƙwaya. A ɗayan ki zaɓi ƙwayoyi masu ƙwai da yawa ki bar su haka.

Wahalar ita ce ba ki ganin abin da ke faruwa a cikin wake, don haka jadawalin zai koma na matakai: ƙwan da aka zuba, waɗanda suka yi fari, manyan da suka fito. Bayan fitowa ta tsaya sai ki jiƙa waken ki tsaga, ki ƙirga matattun tsutsa da waɗanda suka mutu suna rikiɗa. A irin wannan ana amfani da k, wanda Varley da Gradwell suka fito da shi a 1960: log na ƙirgar mataki a cire log na ƙirgar mataki na gaba. A ce a gidan cunkoso, don misali kawai, ƙwai 1000 ne, 800 suka yi fari, 200 suka fito. Matakin ƙwai k ɗinsa 0.097, na tsutsa 0.602, jimilla 0.699. Amfanin k shi ne ana tara shi, ba kamar kaso cikin ɗari ba, don haka nan take kin ga cewa cikin wake ne aka fi yin asara.

Ina yi miki gargaɗi tun yanzu: a gidan ƙwai ɗaya-ɗaya da wuya ki ga nau'i na uku, domin tsutsar da ke ita kaɗai cikin ƙwayar wake a kwalba a rufe ba ta da abokin gaba, mafi yawansu fitowa suke yi. Mutuwar ƙuruciya cunkoso ne ke kawo ta, da zafin rana in an shanya wake, da ƙananan zanzaro masu yi mata ƙwai a jiki, irin Uscana lariophaga mai bin ƙwan da Dinarmus basalis mai bin tsutsar, waɗanda ake samu a rumbunan Afirka ta Yamma. Ko a gidan cunkoson ma, idan kika jona manyan a ƙarshe, layin zai gangara a farko, ya ɗan kwanta, sannan ya sake faɗuwa kamar matakala. Ba ya shiga gida ɗaya cikin ukun, kuma ba laifi ba ne ki ce farkonsa ya yi kama da na uku, ƙarshensa da na ɗaya.

Game da iyakar abin da ɗarinki za su iya faɗa: a rana ta 10, inda lx yake 0.41, kuskuren ƙiyasi `sqrt(0.41*0.59/100)` ne, kusan 0.05, idan aka ɗauki ninki biyunsa a kowane gefe, gaskiyar tana iya kasancewa tsakanin 0.31 da 0.51. Wannan bai isa ya canja nau'in layin ba. Wutsiyar ce ba ta da ƙarfi, domin ƙwari uku ne kacal suke riƙe da layin ƙarshe, da ɗaya ya ƙara kwana biyu da lambobin wurin sun juye. Kada ki gina wata magana a kan rana ta 14. James Carey da abokan aikinsa sai da suka bi ƙudajen 'ya'yan itace sama da miliyan ɗaya, a aikin da suka wallafa a 1992, kafin su nuna cewa hawan qx yana lafawa a cikin mafiya tsufa. Ƙirgar kwana bibbiyu kuma ta ɗan yi faɗi ga mai rayuwar kwana tara. In za ki ƙara wani zagaye, ki ƙirga kullum a sa'a ɗaya, ki raba ɗarin a mazubi biyar na ashirin-ashirin don a ga bambancin da ke tsakaninsu.

A rubutunki ki sa shi kamar haka: manyan ƙwaron wake, daga ranar fitowa, ba ci ba sha, a zafi kaza cikin wata kaza, sun nuna layin tsira nau'i na ɗaya a ma'aunin log, qx ya tashi daga 0.02 zuwa 0.80, matsakaicin rayuwa kwana 9.2, kuma aikin bai haɗa da matakin ƙwai da tsutsa ba. Ki tafi wurin malaminki da jadawalin da zanen log ɗin tare, ki fara nuna masa ginshiƙin qx. Allah ya ba da sa'a, 'yata.